Ƙuri'a 342: Yaushe Ake Cewa Dimokuraɗiyya Ta Zauna Da Gindinta?

Da yawa daga cikinmu muna firamare aka yi zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019. Zagayen farko bai fitar da gwani ba, sai aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, har da na ƙaramar hukumar Kebbe. Da aka gama ƙidaya, Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya fi Ahmed Aliyu na APC da ƙuri'a 342 kacal, alhali ƙuri'un da aka kaɗa sun haura miliyan ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne darasinmu na yau. Amma bari mu faro daga tushe.

Masana kimiyyar siyasa sun ce ƙasa kan bi matakai uku daga mulkin soja zuwa dimokuraɗiyya. Na farko shi ne sassautawa, wato masu mulki su saki mara. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yunin 1998, Janar Abdulsalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, aka kuma ba da damar kafa jam'iyyu. Na biyu shi ne miƙa mulki: an fara da zaɓen ƙananan hukumomi a Disambar 1998, aka ƙare da rantsar da Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999. Na uku shi ne kafuwa, kuma shi ya fi wuya, domin ba shi da ranar biki.

Mun san mataki na biyu ba ya wadatarwa, don maƙwabcinmu ne shaida. Soja sun miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a 1979, amma ranar 31 ga Disamba, 1983 soja suka karɓe abinsu. An yi dashe, saiwa ba ta kama ba.

To, da wane ma'auni ake gane ta kafu? A 1991 Samuel Huntington ya kawo mai sauƙi: a ga mulki ya sauya hannu sau biyu ta akwatin zaɓe. Jam'iyya mai ci ta faɗi ta miƙa lami lafiya, wadda ta karɓa ita ma wata rana ta faɗi ta miƙa. A matakin tarayya sau ɗaya muka ga haka, a 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya amince Muhammadu Buhari ya kayar da shi. Saura ɗaya ke nan.

Sai dai a kula da tarkon da ke cikin lissafin. Tambuwal ya hau kujerar gwamna a 2015 a APC, ya koma PDP a 2018. Sunan jam'iyya mai mulki ya sauya, amma babu wanda ya faɗi zaɓe. Sauya sheƙa ba ya shiga ƙidayar Huntington. Wanda ya shiga shi ne na 2023, da PDP mai mulkin jihar ta sha kaye ta miƙa wa APC.

Juan Linz da Alfred Stepan, a 1996, sun ce ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. A wurinsu dimokuraɗiyya ta kafu idan ta zama ita kaɗai ce hanyar neman mulki, kuma akwai tambayoyi uku. Shin akwai wani rukuni mai ƙarfi da ke neman kifar da tsarin? Shin yawancin jama'a, ko ana cikin tsadar rayuwa, sun yarda da zaɓe za a sauya shugabanni? Shin idan rigima ta tashi, kowa na komawa ga doka?

Mu auna labarin 342 da tambaya ta uku. Ahmed Aliyu bai gamsu ba, sai ya garzaya kotu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Tambuwal nasara a Janairun 2020. Wanda ya faɗi ya haƙura, ya sake tsayawa a 2023, ya ci. Wanda ya san akwai gobe ba ya fasa akwati yau, kuma wannan ne alamar da masana ke nema.

Sauran tambayoyin biyu kuwa da sauran aiki. Inda 'yan bindiga suka tashi ƙauye, ko rumfar zaɓe ba ta kafuwa, balle doka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuma, waɗanda suka fito ba su kai uku cikin goma na masu rajista ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi miƙa mulki daga zaɓaɓɓe zuwa zaɓaɓɓe a 2021, amma a Yulin 2023 soja suka hamɓarar da Mohamed Bazoum.

Nan da 'yan shekaru katin zaɓe zai shigo hannunmu. Kafin nan, ko a zaɓen shugaban ɗalibai, mu rage kallon murnar wanda ya ci. Mu dubi abin da wanda ya faɗi ya yi washegari.