Lissafin Fentin Ɗaki: Awon Bango Bayan Cire Ƙofa da Taga

Fenti fuskar bango yake rufewa, don haka yawan da ɗaki zai sha ya dogara ne ga girman wannan fuska, ba ga girman daɓen ɗakin ba. Ana auna fuskar da murabba'in mita, wato fili mai mita ɗaya a tsaye da mita ɗaya a kwance. A cikin wannan ma'auni ne kamfanonin fenti suke rubuta a jikin bokiti ko galan iya bangon da lita ɗaya za ta rufe.

Ba sai an auna bango huɗu ɗaya bayan ɗaya ba. Idan ɗakin mai kusurwa huɗu ne, ana haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu, a samu kewayensa, sannan a ninka kewayen da tsayin bango daga daɓe zuwa silin. A ɗauki ɗakin da magina ke kira sha biyu da sha huɗu, wato kusan mita 3.6 da mita 4.2, mai tsayin mita 3. Tsawo da faɗi sun ba da 7.8, kewaye ya zama 15.6. Idan aka ninka shi da 3, za a samu murabba'in mita 46.8.

Wannan adadi ya ɗauki ɗakin tamkar rufaffen akwati ne, alhali yana da ƙofa da tagogi waɗanda fentin bango ba zai hau kansu ba. Kowacce ana ninka faɗinta da tsayinta. Ƙofa mai faɗin mita 0.9 da tsayin 2.1 ta ci 1.89. Taga mai mita 1.2 ta kowane gefe ta ci 1.44, tagogi biyu ke nan 2.88. Jimilla 4.77, kuma idan aka cire ta daga 46.8, abin da ya rage kusan murabba'in mita 42 ne. Cirewar ta tashi kusan kashi ɗaya cikin goma na bangon. A ɗaki guda ba ta taka kara ta karya ba, amma a gida mai ɗakuna shida da falo mai manyan tagogi, kuɗin galan-galan ne.

Daga nan ne lissafi yake haɗuwa da halin bango. Fentin ruwa na cikin ɗaki yakan rufe wajen murabba'in mita 10 da lita ɗaya a bango mai santsi wanda aka taɓa yi wa fenti, ko da yake abin da ke rubuce a jikin bokiti shi ne abin bi. Shafi ɗaya ba ya isa, sai an maimaita. Saboda haka 42 ta zama 84, a raba da 10, a samu lita 8.4. Akan ƙara kashi goma cikin ɗari domin abin da rola za ta sha da wanda zai ɗiga ƙasa, sai a tashi da lita 9 da ɗoriya. Galan mai lita 4 guda biyu ba za su kai ba, sai uku, ragowar kuma ta yi amfani wajen gyaran tabo daga baya. Gara haka da a koma kasuwa a tsakiyar aiki, domin galan da aka sayo daga baya yakan ɗan bambanta a launi, kuma bambancin yana fitowa fili idan bango ya bushe.

Sabuwar filasta kuwa ƙishirwa gare ta. Idan lita ɗaya ta rufe murabba'in mita 7 kacal a shafin farko, wannan shafi kaɗai zai ci lita 6, na biyu ya ci 4.2, jimillar ta haura 10. Alamar hakan ita ce fenti ya bushe nan take yana barin dabbare-dabbare. Haka ma idan za a rufe launi mai duhu da fari, sau da yawa sai an kai shafi uku. Ƙara ruwa fiye da yadda kamfani ya rubuta domin fenti ya auku dabara ce da ba ta rage komai, tunda tsinkakken fenti ba ya rufewa, sai an sake bi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gauraya ƙafa da mita. Murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76, don haka wanda ya auna da ƙafa ya raba da 10 zai ga kamar ɗaki guda na buƙatar kusan lita 90. Duk lokacin da amsa ta fito haka, a koma a duba wane gefen tef aka karanta.

Silin ba ya cikin wannan lissafi. Nasa tsawo ne a ninka da faɗi, a wannan ɗaki 15.12, kuma ana ware shi daban saboda galibi fari ake shafa masa. Inda aka raba bango biyu, ƙasa fenti mai ƙyalli da ake iya wankewa, sama fentin ruwa, kamar yadda ake gani a makarantu da asibitoci, kowane sashe ana ninka kewaye da nasa tsayin, a cire ɓangaren ƙofa ko taga da ya faɗo cikinsa.