Zafi Lokacin Saduwa: Wurin Ciwon Ke Nuna Musabbabinsa

Zafin da mace ke ji yayin saduwa iri biyu ne: na bakin gaba, da na can ciki wajen mara. Wannan ne abin da likita ke fara tambaya, domin amsar ce ke nuna inda za a binciko matsalar.

Raɗaɗi a bakin gaba yawanci bushewa ce. Sinadarin istirojin ne ke sa fatar wurin ta yi laushi da danshi, kuma yana raguwa lokacin shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada. Gaggawar miji, wanke ciki da sabulu, da cusa kayan matsi duk suna ƙara bushewar. A ɗauki misalin mai jego da ta yi wata uku da haihuwa, tana jin raɗaɗi amma babu ƙaiƙayi, babu fitar ruwa. Sau da yawa sai a ce sanyi ne, ta yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, wanda shi kansa kan jawo ƙaiƙayin gaba. Alhali abin da take bukata man santsi ne na ruwa, da isasshen wasa kafin saduwa.

Sanyi na gaskiya yana zuwa da alamunsa. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai guda-guda kamar kindirmo alamar ƙwayar kandida ce. Ruwa mai kumfa da wari, ko ƙuraje masu fashewa, na nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, kuma a nan dole a duba miji ma. Gwajin ruwan ne ke tantance maganin da ya dace.

Wani lokaci kuma naman da ke kewaye da bakin gaba ne ke ƙanƙamewa da kansa, har shiga ta gagara. Ba taurin kai ba ne. Tsoro, daren farko mai wahala, ko tabon ɗinkin haihuwa ko na kaciya kan haddasa shi, kuma tilastawa ƙara shi take yi. Ana magance shi da atisayen sassauta naman da kuma sabawa a hankali.

Ciwon can ciki daga mahaifa da kewayenta yake. Idan sanyi ya hau sama, akan samu ciwon mara da zazzaɓi, kuma jinkiri na iya toshe bututun ƙwai. Idan ya haɗu da matsanancin ciwon al'ada, ana zargin irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a wajenta. Ƙarin mahaifa da ƙullutun kwan mace ma na jawo shi, kuma hoton ciki kan nuna su.

Zubar jini bayan saduwa, zazzaɓi, ko ciwon gefe ɗaya bayan ɓatan wata, alamu ne da ke bukatar zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.