Ƙwaron Sumba da Kuɗin Cizo: Dukansu Jini Suke Sha, Ɗaya Ne Ke Lalata Zuciya

A ƙauyukan Bolibiya da arewacin Ajantina akwai wani ƙwaro da mutanen yankin ke kira bincuka, wasu kuma suna ce masa ƙwaron sumba saboda ya fi cizon mutum a fuska. Da rana yana laɓewa a tsagar bangon ƙasa ko cikin jinka, idan dare ya yi ya sauko ya sha jinin mai barci. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai kuɗin cizo zai ce ai ya san wannan hali. Lallai akwai kama, domin dangin juna ne na nesa. Amma kuɗin cizo barci yake hanawa, shi kuwa ƙwaron sumba yana iya barin mutum da cutar da za ta kashe shi bayan shekara 20.

A shekarar 1909 aka gano wannan cuta. An tura wani matashin likita, Carlos Chagas, zuwa garin Lassance a jihar Minas Gerais ta ƙasar Brazil don ya yaƙi zazzaɓin cizon sauro a tsakanin masu shimfiɗa layin dogo. A can ya ji labarin ƙwaron da ke addabar mutane da dare, ya duba hanjinsa a madubin likita, ya ga wata ƙwayar cuta da ba a sani ba. Ya raɗa mata suna Trypanosoma cruzi don girmama maigidansa Oswaldo Cruz. Ranar 14 ga Afrilu ya sami ƙwayar a jinin wata yarinya 'yar shekara 2 mai suna Berenice da ke fama da zazzaɓi. Ƙwayar 'yar uwa ce ga wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu.

Cutar ba ta shiga jiki ta bakin ƙwaron. Yana cikin shan jini, ko da gamawarsa, sai ya yi kashi a kan fata kusa da wurin cizon, kuma a cikin kashin ƙwayar take. Mai barci ya ji ƙaiƙayi, ya sosa, ya tura kashin cikin raunin ko ya murza ido da hannun. Shi ya sa sanannar alamar farko ita ce kumburin fatar ido ɗaya. Ana kuma ɗaukar cutar ta ƙarin jini, daga uwa zuwa jinjirin da ke ciki, da ta abin sha: a 2005 ruwan rake da ya gurɓace ya kwantar da mutane a jihar Santa Catarina ta Brazil, wasu suka rasu.

Matakin farko kan ɗauki kamar wata biyu, kuma galibi bai wuce ɗan zazzaɓi da ciwon kai ba. Daga nan ƙwayar ta ɓuya a tsokar zuciya da ta hanji. Yawancin mutane sukan ƙare rayuwarsu ba tare da ta taɓa su ba, kamar Berenice da ta haura shekara 70 da ƙwayar a jikinta. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku, bayan shekara 10 zuwa 30, zuciyarsu kan kumbura, bugunta ya rikice, wasu su faɗi matattu farat ɗaya. A wasu kuma maƙoshi ko babban hanji ne ke buɗewa har haɗiya ko bayan gida su gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun kai wajen miliyan 7, akasarinsu a ƙasashe 21 na Latin Amurka. Magunguna biyu da ake da su, benzinidazol da nifurtimos, ana shan su kamar wata biyu, suna warkarwa sosai idan an fara da wuri, amma ƙarfinsu na raguwa idan cutar ta daɗe.

Kuɗin cizo fa? Shi ba shi da fiffike, jikinsa a baje yake, tsawonsa kamar rabin santimita, alhali babban ƙwaron sumba kan kai santimita 2 zuwa 3 kuma yana tashi. An gwada a ɗakin bincike an ga kuɗin cizo na iya ɗaukar ƙwayar Chagas har ya sa wa ɓeraye, amma ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba. Cutar Chagas ɗin ma ba ta yaɗuwa ta ƙwari a Afirka. Ɓarnar kuɗin cizo ita ce ƙaiƙayi, rashin barci, da gyambon da susa ke haifarwa ga yara.

Cizo shi kaɗai ba hujja ba ne. Wani zai tashi da ƙuraje a jere a hannu ko wuya, abokin kwanansa kuwa ko tabo babu, alhali an ciji dukansu. Hujjar tana ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado: baƙaƙen ɗigo na kashinsa, saɓar da ya tuɓe, da fararen ƙwai ƙanana manne da itace.

Bambancin mazauninsu shi ya bambanta yaƙinsu. Ƙwaron sumba a jikin ginin yake, da akurkin kaji da makwancin karnuka. Don haka daga 1991 ƙasashen kudancin nahiyar suka haɗa kai suna feshi gida gida, suna yaɓe bango, suna sauya jinka, suna tantance jinin da ake bayarwa a asibiti. Urugwai ta katse yaɗuwar cutar ta babban nau'in ƙwaron gida a 1997, Chile a 1999, Brazil a 2006. A yankin Gran Chaco kuwa aikin ya cije, domin ƙwaron ya fara jure maganin feshi kuma yana dawowa daga garken dabbobi.

Kuɗin cizo kuwa a kaya yake tafiya. Misali, ɗalibi ya dawo hutu daga makarantar kwana da mace ɗaya mai ƙwai a ɗinkin jakarsa. Tana zuba ƙwai kaɗan kullum, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, 'ya'yan su yi saɓa sau 5, kowane sai sun sha jini, cikin 'yan makonni su ma su fara ƙwai. Kulle ɗakin a ƙaurace masa ba ya magani, domin suna iya wata da watanni babu abinci.

Zafi ne ke kashe su har da ƙwan. A ɗaure zannuwa da tufafi a leda tun a cikin ɗakin don kada a watsa su a tsakar gida, a jiƙa su a ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, a bi ɗinki da dutsen guga. A kwance gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa. Shanya katifa a rana na ragewa, amma sukan gudu zuwa ɓangaren inuwa. Sannan a cike tsagar bango, a janye gado daga jikinsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne feshi sau ɗaya. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwai, don haka ɗaki kan yi shiru mako guda, sai cizo ya dawo. Dole a maimaita bayan kamar mako biyu, a ci gaba da duba ɗinkin katifa har wata guda ya wuce babu sabon ɗigo. Kuskuren da ya fi muni shi ne yayyafa fiya-fiya a kan shimfiɗa, ko ajiye ƙwayar adana hatsi a ɗakin kwana. Ita wannan ƙwaya iska mai guba take fitarwa, wadda ke ratsawa zuwa ɗakin maƙwabci, kuma a ƙasashe da dama ta kashe yara a gidajen da aka sa ta don kuɗin cizo.