Ƙwari ko Kwari? Daidaita Rubutun Hausa a Takardun Hukuma

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan Kogin Sakkwato a shekarar 1978, ita ke shayar da gonakin rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun. Sanarwar da ake rubuta wa manoman wannan yanki da Hausa tana cin karo da matsaloli biyu, wato haruffa masu lanƙwasa da kalmomin da aka aro daga Ingilishi.

Haruffa masu lanƙwasa

A daidaitacciyar Hausar Nijeriya akwai ɓ da ɗ da ƙ, sannan da 'y, wadda ake rubutawa ƴ a Jamhuriyar Nijar. Kowannensu sauti ne mai cin gashin kansa. Mu ɗauka malamin gona ya rubuta wa shugabansa rahoto cewa, "An sami kwari a gabashin gonar." Idan gangaren da ruwa ke kwanciya yake nufi, to aikin masu gyaran fili ne. Idan kuwa ƙwari yake nufi, sai a aiko da masu feshi. Haka nan kasa macijiya ce mai mugun dafi, ƙasa kuwa ita ake nomawa.

Babban haɗari shi ne a sa lanƙwasa a wani wuri a bar ta a wani. Wanda ya ga takarda babu lanƙwasa ko ɗaya, ya san sai ya yi kirdado. Amma da zarar ya ga ƙ a layin farko, zai gaskata kowace k da ta biyo baya.

Kalmomin aro

Hausa ba ta karɓar baƙuwar kalma sai ta lanƙwasa ta. Sautin p yakan koma f, kamar a famfo da firamare, sautin v kuma ya koma b, kamar a bitamin da direba. Inda baƙaƙe suka cunkushe, a kan saƙa wasali a tsakani, kamar a asibiti da likita. To, a nan saɓani ke shigowa, domin wani zai rubuta hekta, wani hekita. Wani furotin, wani firotin. Bugu da ƙari, Bazamfare kan ce hili da hwata inda Bakano ke cewa fili da fata. Karin harshe ba laifi ba ne, sai dai takardar hukuma daidaitacciyar Hausa take bi.

Illar saɓanin tana fitowa fili a kwamfuta, domin na'ura sura take nema, ba ma'ana ba. Alal misali, a ce rajistar manoma tana da layi ɗari, sittin an rubuta hekta, arba'in hekita. Wanda ya nemi hekta layi sittin zai samu, jimillarsa ta fito da giɓi ba tare da ya sani ba.

Matakan zaɓe

Kafin a soma rubutu, a jera kalmomin da za su maimaitu, a yi wa kowace tambayoyi uku. Na farko, akwai kalmar Hausa da manoma suka sani? Idan akwai, kamar taki ko tsargiya, babu bukatar aro. Na biyu, kalmar tana cikin ƙamus, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006? Idan tana ciki, a bi surarta. Na uku, idan babu ita, a rubuta ta yadda bakin Bahaushe ke furta ta, a zaɓi sura ɗaya, a shigar da ita cikin jerin, kowane magatakarda ya sami kwafi. Alamomin awo kuwa, irin su kg da ml, na duniya ne, ba a taɓa su.

Gwaji a kwamfuta

Wasu tsofaffin salon haruffa na Hausa aron gurbin wasu alamomi suka yi suka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kai. Shi ya sa takarda kan isa wata kwamfuta ta cika da baka-baka. Gwajin mai sauƙi ne: a juya rubutun zuwa Times New Roman. Idan haruffan suka tsaya, na tsarin Unicode ne. Idan suka rikiɗe, sai an sake bugawa. A Microsoft Word na Windows, a buga lamba sannan a danna Alt+X:

```
0253 ɓ   0181 Ɓ
0257 ɗ   018A Ɗ
0199 ƙ   0198 Ƙ
```

A lura, idan harafi irin a ko b ya gabaci lambar, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin ɓangaren lambar, don haka a haskaka lambar ita kaɗai kafin a danna.

Daga ƙarshe, kafin a sa hannu, a nemo kowace k da d da b a kalmomin da ke da tagwaye, a kuma ba wanda bai san maganar ba ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya tsaya yana tambayar ƙwari ne ko kwari, nan ne manomin Bakura zai tsaya.