Shayi ne ɓarawon, ko ganyen miya?

Mutumin yana da shekara 44, an sa masa ƙyauren roba da ƙarfe a zuciya, don haka kullum sai ya sha warfarin, maganin da ke hana jini saurin daskarewa. Ana duba aikin maganin da gwajin INR. Wanda ba ya shan komai gwajinsa na zama wajen 1, mai shan warfarin kuma yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ko sama kaɗan ga wasu masu irin wannan ƙyaure. Nasa ya nuna 3.79. Bayan kwana 22 sai ga 1.37, wata guda gaba kuma 1.14, kamar bai taɓa haɗiyar ƙwaya ba. Gudan jini na iya maƙalewa a ƙyauren, ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa. Taylor da Wilt ne suka buga labarin a Amurka a 1999.

Idan haka ta faru, likita da tambaya yake farawa. An tsallake shan maganin? An fara wani sabo, kamar rifampisin na tarin fuka, wanda ke sa hanta ta cinye warfarin da sauri? Ko gwajin ne aka kuskure? Shi wannan, daga baya aka gano cewa kamar mako guda kafin INR ya faɗi ya soma shan koren shayi, daga lita 2 har kusan 4 a rana. Da ya bari, gwajin ya koma 2.55.

Zargin yana da tushe. Hanta na bukatar bitamin K kafin ta haɗa sinadarai huɗu masu daskarar da jini, warfarin kuwa aikinsa shi ne hana jiki sake sarrafa bitamin K da ya riga ya yi amfani da shi. Idan sabo ya kwararo daga abinci, maganin sai ya rasa ƙarfi. Busasshen ganyen koren shayi kuma cike yake da shi, sama da maikirogiram 1,000 a giram 100, alhali babba wajen 90 zuwa 120 yake bukata a rana.

Amma lissafin bai cika ba. Bitamin K a mai yake narkewa, ba ya son ruwa, saboda haka kusan duka a tukar ganyen yake zama. Kofin shayi tatacce ko maikirogiram ɗaya ba ya kaiwa. Marubutan ma sun tsaya ne a kan cewa mai yiwuwa shayin ne. Abin da ya tabbata a labarin shi ne yawan abin da ya sha, da kuma yadda ya fara shi dare ɗaya.

To mu kawo maganar Filinge, a bakin Dallol Boso, inda da wuya ka wuce fada ba ka ga buta bisa gawayi ba. Shayin da ake dafawa koren ganyen Sin ne, ana tafasa shi har ya yi ɗaci, a yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi ya yi kumfa, a sha na fari da na biyu da na uku. Kofunan ƙanana ne, ukun gaba ɗaya ba su kai rubu'in lita ba, kuma wanda ya saba kullum haka yake sha. An daidaita masa magani da shayin a jikinsa. A ganina, likitan da ya hana dattijon Filinge wannan zama ya kama mai gadi ya bar ɓarawo. Hatsarin na ga mai tauna tukar, ko mai shan garin koren shayi don rage ƙiba: cokali ɗaya na giram 2 ya haura maikirogiram 20.

Wanda ya fi cancanta a tuhuma yana cikin akushi. Da damina ta sauka, zogale da rama da tafasa da yakuwa sun wadata, kwaɗo da dambu sun koma cin kullum, ga mai a ciki yana taimaka wa hanji ya tsotse bitamin ɗin. Canjin ba ya bayyana ran nan, sai bayan kwana biyu zuwa uku, domin sinadaran da ke cikin jini a hankali suke sauyawa. Da rani kuma akasin haka ke faruwa: ganye ya ja baya, INR ya hau, sai a ga jini a dasashi, haɓo, ko baƙin bayan gida, wanda ke bukatar asibiti nan take.

Daga Filinge, Yamai na da nisan wajen kilomita 180, ba kowane mako ake zuwa gwaji ba. Mai shan warfarin, wato Coumadine, ko ɗan'uwansa Sintrom ya riƙe shayinsa da ganyensa a kan ma'auni ɗaya, kada ya ƙara ko ya rage ƙwaya da kansa. Idan cimarsa ta sauya, da shigowar damina ko azumi, ya gaya wa likita a matso da ranar gwaji.