Jadawalin Gantt: Yadda Za Ka Ga Ranar Gama Gininka Tun Kafin A Haƙa Fandisho

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa gini ya san tambayar da ba ta samun amsa tsayayyiya: yaushe za a gama? Birkila ya ce mako biyu, kafinta ya ce kwana biyar, mai walda ya ce "kada ka damu, Alhaji." Kowa gaskiyarsa ya faɗa gwargwadon nasa aikin, amma in ka tara kwanakin ba za su ba ka ranar ba, domin wasu ayyukan tare suke tafiya, wasu kuma dole su tsaya jiran wasu.

Akwai wani zane da aka daɗe ana warware wannan da shi, mai ɗauke da sunan Henry Gantt, injiniya Ba'amurke da ya rasu a 1919. Ayyuka na jere daga sama zuwa ƙasa, ranaku na jere daga hagu zuwa dama, kowane aiki kuma an ja masa sanda mai launi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Ana iya zana shi da biro a takarda. Amfanin yin sa a Excel ko Google Sheets shi ne, idan aiki ɗaya ya makara, duk masu jiransa su matsa da kansu. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an kiyaye doka guda: kwanan wata ɗaya tak za ka rubuta da hannu, sauran duka lissafi ne zai fitar da su.

Mu ɗauki ginin shago biyu na bulo da rufin kwano, za a fara ranar Asabar 3 ga Janairu 2026, kuma ma'aikatan ba sa fitowa ran Juma'a. Shafin manhajar gida-gida yake kamar filin dara, kowane gida da sunansa: harafi na layin tsaye, lamba ta layin kwance. A layi na 1 sai a rubuta kanun bayani: A sunan aiki, B yawan kwanakin aiki, C kwanakin jira, D farawa, E gamawa, F kuma a rubuta da kalmomi aikin da ake jira, don tunawa.

Daga layi na 2 ayyukan ke farawa. Haƙa fandisho kwana 3. Layi na 3 kankaren fandisho da bulon ƙasa, kwana 4. Na 4 ɗora bulo zuwa linta, kwana 8. Na 5 linta, wato ɗaura rodi da katako da zubi, kwana 3. Na 6 ƙarasa bulon sama da rufi, kwana 5. Na 7 ƙofofi da tagogi a wurin mai walda, kwana 12. Na 8 kafa ƙofofin da filasta, kwana 6. Na 9 fenti, kwana 3. Waɗannan alkaluma na misali ne, naka daga bakin masu aikin za su fito, kuma tambayar da ta fi amfani ita ce "na baya da ka yi irin wannan, kwana nawa ya ci?"

A gidan D2 ne kaɗai ake sa kwanan wata, gidan E2 kuma ya lissafa ranar gamawa:

```
D2: =DATE(2026,1,3)
E2: =WORKDAY.INTL(D2-1,B2,"0000100")
```

Lambobin nan bakwai da ke tsakanin alamun zance ranakun mako ne, daga Litinin zuwa Lahadi. Sifili ranar aiki, ɗaya ranar hutu. Ɗayan yana a gurbi na biyar, ke nan Juma'a. Wanda ma'aikatansa ke hutu ran Lahadi sai ya mayar da ɗayan ƙarshe. Cire kwana ɗaya da aka yi daga D2 kuwa don a ƙirga ranar farawar ce cikin kwanakin aiki. In ba haka ba kowane aiki zai ƙaru da kwana guda, kuma a ayyuka takwas an yi asarar fiye da mako a kan takarda. E2 zai nuna 5 ga Janairu. Sai a ja wannan fomula har E9, domin duk ɗaya ce.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato ɗaure aiki da wanda yake jira. Kankare ba ya farawa sai an gama haƙa, saboda haka D3 zai leƙa E2:

```
D3: =WORKDAY.INTL(E2+C3,1,"0000100")
```

Ma'anarta: ɗauki ranar da na gabanka ya gama, ƙara kwanakin jira in akwai, sannan ka ba ni ranar aiki ta farko bayan nan. A ja ta ƙasa zuwa D9, amma a dawo a gyara biyu da hannu, don ba kowane aiki ne ke jiran wanda ke samansa ba.

Na farko mai walda. Shi ba ruwansa da rufi. Abin da yake jira bango ya kai linta ya zo ya auna bakin ƙofa da taga. Don haka D7 zai leƙa E4, ba E6 ba. Na biyu filasta, wadda mutum biyu take jira: rufi, da kuma ƙofofin, tunda sai an kafa su ake shafe gefensu. A nan ake amfani da MAX, mai zaɓo ranar da ta fi nisa:

```
D7: =WORKDAY.INTL(E4+C7,1,"0000100")
D8: =WORKDAY.INTL(MAX(E6,E7)+C8,1,"0000100")
```

Layin C na kwanakin jira shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi cin lokaci. Kankare ba ya kai ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa sai kwana 28, kuma makon farko yana bukatar ban ruwa safe da yamma, balle a hunturu da iska ke tsotse danshi. A misalinmu mun ba linta kwana 7 kafin a ɗora mata nauyi, sai a sa 7 a C6. Mun ba filasta kwana 14 ta bushe kafin fenti, sai a sa 14 a C9. Lura cewa an tara C kai tsaye a kan kwanan wata, ba a bi da shi ta lissafin ranakun aiki ba. Da gangan ne: siminti ba ya hutun Juma'a. Idan dakin za a zuba, jiran ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma injiniya ne zai faɗi adadin, ba mai gini da ke ƙagare ba.

Da an gama wannan, ranaku za su fito. Bulo ya kai linta 19 ga Janairu, a gama linta 22, rufi ya fara 31 ga Janairu domin jiran ya ƙare ran Alhamis 29 kuma washegari Juma'a ce. Rufi ya gama 4 ga Fabrairu, filasta daga 5 zuwa 11, fenti ya ƙare 1 ga Maris. Kwanakin aikin da ke layin B duka 44 ne, amma daga farko zuwa ƙarshe kwana 58 na kalanda.

Zanen kansa ba shi da wuya. A G1 a rubuta `=D2`, a H1 a rubuta `=G1+1`, a ja dama har BX1, kwana 70 ke nan, a matse faɗin layukan su yi ƙanana. Sai a zaɓi daga G2 zuwa BX9, a shiga Conditional Formatting, a zaɓi dokar da ke karɓar fomula, a ba ta launi:

```
=AND(G$1>=$D2,G$1<=$E2)
```

Kowane gida zai tambayi kansa ko ranar da ke samansa ta faɗa tsakanin farawa da gamawar aikin da ke layinsa. In haka ne ya ɗauki launi. Alamun dalar nan su ne ke riƙe ido a kan layi na 1 da kuma D da E. Idan ka ga launi ya watse ko'ina, ko sanduna sun fito a karkace, kusan kullum dala ce ta ɓace ko ta zauna inda ba nata ba. Mai son Juma'a ta fito da ruwan toka sai ya ƙara doka ta biyu da `=WEEKDAY(G$1)=6`, ya sa ta a sama.

Daɗin abin yana wurin gwaji. Mai walda zai gama 2 ga Fabrairu, rufi kuma 4. Mayar da 12 ɗinsa 14: babu abin da ya motsa, yana da rarar kwana biyu. Mayar da shi 17: filasta ta koma 9 ga Fabrairu, ranar gamawa ta koma 4 ga Maris. Yanzu mayar da shi 12, ka ƙara wa birkila kwana ɗaya kacal a layi na 4: nan take ƙarshe ya koma 2 ga Maris. Jerin ayyukan da ba su da rara, daga fandisho zuwa bulo, linta, rufi, filasta da fenti, su ne ke yanke ranar gamawa. A ganina wannan ne babban abin da jadawalin ke saya wa mai ƙaramin gini: ya san ranar da rashin tifar yashi ɗaya zai ja masa asara, da ranar da kiran mai walda sau biyar ɓata kati ne kawai. Amma rara ba ta dawwama. Mai walda da ya wuce kwana 14 ya shigo cikin jerin masu yanke hukunci, rufi kuma ya fita.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. In ka ga 46027 a maimakon kwanan wata, ba ɓaci ba ne. Manhajar lamba take ajiye ranaku, sai ka mayar da gidan zuwa tsarin Date. In ka rubuta 3/1/2026 da hannu, kwamfutar da ke kan tsarin Amurka za ta karanta shi 1 ga Maris, dalilin da ya sa muka yi amfani da DATE ke nan. Saƙon `#VALUE!` yawanci yana nufin wani ya rubuta "kwana 5" a inda ake son 5 zalla. Masu Excel na Faransanci, kamar da yawa a Maradi da Damagaram, sunan fomular a wurinsu SERIE.JOUR.OUVRE.INTL ne, kuma da `;` ake raba sassanta.

Mafi muni shi ne wanda ba ya nuna alama. Aiki ya makara, mutum ya je D6 ya rubuta sabuwar rana a kan fomula. Zanen zai yi kyau, amma igiyar ta tsinke: daga ranar, komai ya faru da linta, rufi ba zai ji ba. Gyaran da ya dace a B ko C ake yin sa. Bulo ya ci kwana 10 maimakon 8, rubuta 10. Kwano bai iso ba sai bayan kwana uku, mayar da 7 na C6 ya zama 10. Wasu kan shafa wa B da C launin ɗorawa, alamar nan kaɗai hannu ke taɓawa.

Akwai abin da wannan jadawali bai sani ba. Bai san cewa birkilan da ka sa wa ayyuka biyu a mako ɗaya mutum ɗaya ne ba. Wannan idonka ne zai gano, in ka ga sanduna biyu sun hau juna ka tambayi wa zai yi kowanne. Hutun Sallah ana iya sa shi, domin WORKDAY.INTL tana karɓar jerin ranakun hutu a matsayin sashe na huɗu. Kuɗi kuwa, wanda shi ya fi tsayar da ƙananan gine-gine, sai ka mayar da shi aiki: buɗe layi mai suna "kuɗin kwano", rubuta ranar da kake sa ran su shigo a E, sannan ka sa rufi ya jira shi tare da linta ta hanyar MAX.