Kuɗin POS Sun Maƙale: Yadda Ake Rubuta Ƙorafin da Za a Duba

"Kuɗina ba su shigo ba, ku taimaka." Irin saƙon da 'yan kasuwa da dama ke aika wa kamfanin da ke sarrafa cinikinsu na POS ke nan. Ma'aikacin da ya karanta ba shi da abin da zai yi bincike da shi, sai ya dawo da tambayoyi, jarin mai kanti kuma yana can a maƙale.

Kafin ka rubuta, tabbatar lokacin biyan ya wuce. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, kuɗin cinikin POS su isa asusun ɗan kasuwa zuwa ranar aiki ta gaba, don haka cinikin Juma'a yana iya kaiwa Litinin. Sannan duba rasit. In an rubuta APPROVED, kana da haƙƙi. In DECLINED ne amma an cire wa mai saye kuɗi, shi zai nemi bankinsa ya mayar masa.

A ce mai kantin kayan masarufi a Kasuwar Singa ya yi ciniki uku ran Talata: naira 45,000, da 120,000, da 35,000. Har Alhamis shiru. Ga yadda ya dace ya rubuta, bayan sallama:

"Ciniki uku da na yi ran Talata, jimilla naira 200,000, ba su shiga asusuna ba, alhali jiya Laraba ya kamata su shigo. Duka ukun na'ura ta amince da su. Ga lambar na'urata da ta asusuna a ƙasa, na kuma haɗa da rasit da bayanin asusu. Ina roƙon a faɗa mini dalilin jinkirin da ranar da za a biya, a kuma ba ni lambar ƙorafi."

A ƙasan saƙon, kowane ciniki ya samu layinsa: kwanan wata, lokaci, adadin kuɗi, da RRN, wato lambar nan mai alƙaluma 12 da ke kan rasit. Da ita ake gano ciniki ɗaya cikin dubbai, shi ya sa kuskuren alƙalami guda kan ɓata binciken. Lambar na'ura kuwa ita ce Terminal ID. Bayanin asusun ya fara daga ranar cinikin zuwa yau, domin shi ne shaidar cewa kuɗin ba su shigo ba. In wani kaso ya shigo, faɗi nawa ne, ka tuna ana cire kuɗin hidima. Kada ka aika cikakkiyar lambar katin kowa ko lambar sirri.

Adana lambar ƙorafin da kyau. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, da ita za ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Saboda haka, Alhaji, kada ka yar da rasit sai ka ga kuɗinka a asusu.